An ƙi sabunta min izinin zama na karatu a Jamus, yaya zan rubuta takardar ƙalubalantar hukuncin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a Jamus, kwas mai zango huɗu. Na nemi a sabunta min izinin zama tun kafin ya ƙare. Ofishin baƙi ya ce in kawo takardar ci gaban karatu kafin 14 ga Maris, na tura ta imel ranar 12. Ranar 2 ga Afrilu sai ga ambulan rawaya: an ƙi, wai ban kawo takardar ba, kuma wai na yi zango takwas, alhali ɗaya hutun jinya ne da jami'a ta ba ni. Na tara maki 84 cikin 120 da ake buƙata don kammala kwas ɗin. An ba ni kwana 30 in bar ƙasar, ba wanda ya nemi jin ta bakina. A ƙarshen takardar an ce ina iya yin Widerspruch, wato ƙalubalantar hukuncin, cikin wata ɗaya. Yaya zan rubuta musu in nuna ba su bi ƙa'ida ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo sauƙi. Kafin mu taɓa abin da za ka rubuta, ɗauko ambulan ɗin nan rawaya ka adana shi kamar fasfonka. A jikinsa akwai wurin da mai kawo wasiƙa ya rubuta ranar da ya saka shi a akwatinka, kuma daga wannan ranar ake fara ƙirga, ba daga ranar da aka buga a saman takardar ba, ba kuma daga ranar da ka buɗe ba. Wata ɗaya daga 2 ga Afrilu shi ne 2 ga Mayu, ƙarfe sha biyun dare. In ranar ta faɗo Asabar, Lahadi ko ranar hutu, wa'adin zai gangaro zuwa ranar aiki ta gaba, amma kada ka jingina da wannan. Abin da ake duba shi ne ranar da takardarka ta isa hannunsu, ba ranar da ka kai ta gidan waya ba.

Na fara da wannan ne saboda a nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Mutum zai zauna ya rubuta wasiƙa mai kyau, mai ladabi, yana roƙon a sake duba maganarsa, ya tura ta imel, ya zauna jiran amsa. Irin wannan wasiƙar roƙo tana da suna a wajensu, Gegenvorstellung, kuma lauyoyin Jamus suna da wata ba'a da suke yi mata: ba ta da siga, ba ta da wa'adi, ba ta da amfani. Ba ta tsayar da ƙirgen kwanaki. Kana jiran amsa wata zai cika, hukuncin ya zauna daram, komai kurakuran da ke cikinsa. Daga nan duk abin da za ka yi ihu ne bayan hari. Don haka takardarka dole ta ɗauki sunan da suka faɗa maka a ƙarshen hukuncin, ta fito a rubuce da sa hannunka na biro, kuma da Jamusanci, domin shi ne harshen aiki a ofisoshinsu. Imel na yau da kullum bai wadatar ba. Ka kai da hannunka a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ko ka tura ta fakis ka riƙe takardar shaidar isarwa, ko ta rajista a gidan waya da sauran kwanaki a gaba. Kai ka yi sa'a jiharku tana da wannan matakin. A jihohi irin su Bayern, Niedersachsen da Nordrhein-Westfalen an cire shi a yawancin al'amura, kai tsaye kotu ake tafiya cikin wata ɗayan. Shi ya sa shawarar abokin da ke wata jiha ba lalle ta dace da kai ba. Sakin layi na ƙarshe na hukuncin da suka aiko maka shi ne alƙali.

Kuma ba sai ka gama tara hujjoji ba kafin ka shigar. Layi uku sun isa su riƙe maka wa'adin. Ka rubuta sunanka, adireshinka, lambar fayil da ke saman hukuncin, sannan:

Hiermit lege ich Widerspruch gegen den Bescheid vom (ranar takardar) ein. Ich beantrage Akteneinsicht. Die Begründung reiche ich nach.

Ma'anarsa: na ƙalubalanci wannan hukunci, ina neman a ba ni damar duba fayil ɗina, dalilaina na nan tafe. Wannan ka tura shi cikin makon nan. Doguwar takardar za ta biyo baya.

Yanzu ga maganar da nake so ta zauna maka sosai, don ita ce za ta tsara duk abin da za ka rubuta. Kuskuren bin ƙa'ida shi kaɗai ba ya ba mutum izinin zama a Jamus. Dokar tafiyar da aikin ofisoshi, wadda za ka ga ana taƙaita sunanta da VwVfG, ta buɗe wa ofis ƙofa biyu. Sashe na 45 ya ce in ba su saurare ka ba, ko ba su ba da dalili ba, suna iya gyarawa daga baya, har lokacin da ake gaban kotu. Wato kai kanka, ranar da ka rubuta ƙorafinka suka karanta suka auna shi, galibi an ɗauka sun biya bashin sauraren. Sashe na 46 kuma ya ce ba za a soke hukunci don kuskuren tsari kawai ba, in a fili yake kuskuren bai canza sakamako ba. To ka ga wanda ya cika shafi uku yana cewa ba a ji ta bakina ba, an tauye min haƙƙi, sannan ya sa hannu, ya zuba ruwa a kwando ne. Za su amsa masa da layi ɗaya: yanzu mun ji, hukunci na nan.

Amfanin kuskuren tsari shi ne ya zama ƙofar da za ka shigo da gaskiyar da suka rasa. Kowane kuskure ka kawo, ka ɗaure shi da abu biyu: ga abin da da na faɗa ko na nuna in da an bi ƙa'ida, ga kuma yadda wannan abin yake rusa dalilin da kuka dogara da shi. In ka ga kuskuren da ba za ka iya ɗaure shi haka ba, ka ambace shi a layi ɗaya ka wuce, ko ka bar shi gaba ɗaya.

Bari mu bi naka ɗaya bayan ɗaya. Ni da zan rubuta, da takardar da suka ce ba su gani ba zan fara, don ita ce mafi ƙarfi kuma ita ce mafi sauƙin tabbatarwa. Sashe na 24 na dokar ya ɗora wa ofis nauyin binciko gaskiyar al'amari da kansa, ya kuma yi la'akari da duk abin da ke da muhimmanci, har da wanda yake goyon bayan mai nema. Hukuncin da aka gina a kan cewa babu takarda, alhali ta shiga kwana biyu kafin wa'adi, an gina shi a kan abin da bai faru ba. Sai dai faɗa ba ta isa ba. Buga imel ɗin daga akwatin saƙonnin da ka aika, yadda za a ga rana, lokaci, adireshin da ka tura wa da sunan abin da ka liƙa. In akwai amsar nan da na'ura ke turowa da kanta cewa an karɓa, ita ce zinariyar, ka haɗa. Sannan ka duba da idon basira: adireshin da ka tura wa, shi ne wanda suka rubuta a wasiƙarsu? Ka sa lambar fayil a kan saƙon? Girman abin da ka liƙa bai sa saƙon ya dawo ba? In aka samu matsala ta ɓangarenka, gara ka sani yanzu ka sassauta harshe, da su nuna maka daga baya.

A nan ne duba fayil yake da amfani. Sashe na 29 ya ba ka wannan haƙƙin. In ka je, ko suka turo maka kwafi, ka duba ko imel ɗinka na ciki. In yana ciki, da lambar shafi, magana ta ƙare: sai ka rubuta cewa takardar tana shafi kaza na fayil ɗinku. In ba ya ciki, ka dogara da shaidarka ta aikawa ka sake liƙa takardar. Ka kuma sake karanta wasiƙar da ta ba ka wa'adin 14 ga Maris. Dokar zaman baƙi, AufenthG, a sashe na 82, ta yarda ofis ya yi watsi da abin da aka kawo bayan wa'adi, amma ta wajabta masa ya gargaɗe ka tun a lokacin cewa ga abin da zai biyo baya in ka makara. In babu wannan gargaɗin a wasiƙar, ka samu ƙarin hujja: ko da a ce ma takardar ta makara, ba su cika sharaɗin yin watsi da ita ba.

Na biyu, ƙirgen zango. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, shi ne zuciyar shari'ar. Abin da dokar zaman baƙi ta ce a sashe na 16b shi ne a sabunta izinin in ba a kai ga kammala karatun ba tukuna kuma ana iya kammala shi cikin lokacin da ya dace. Lura, doka gaba take kallo: zai iya gamawa? Ba ta sa adadin zango ba. Adadin ya fito ne daga ƙa'idojin aiki da gwamnatin tarayya ta fitar wa ofisoshin baƙi a 2009, waɗanda suka ce karatu na tafiya daidai muddin ɗalibi bai wuce matsakaicin lokacin da ɗaliban wannan kwas a wannan jami'a suke ɗauka da fiye da zango uku ba. Abu biyu ake yawan karkacewa a nan. Ana ɗaukar zango huɗun da ke rubuce a tsarin kwas a ƙara uku a ce bakwai ne iyaka, alhali ma'aunin shi ne abin da ɗalibai suke ɗauka a zahiri, wanda sau da yawa ya fi na takarda. Kuma ana ƙirga duk zangon da sunanka ke rajista, alhali jami'a tana da ƙirge biyu: Hochschulsemester, wanda ya haɗa komai, da Fachsemester, wanda ba ya ƙirga zangon hutun da aka amince da shi. Duba takardar rajistarka ta wannan zangon, za ka ga lambobin biyu kusa da juna, takwas da bakwai. Ko da ma'auninsu mai tsauri aka bi, huɗu da uku, bakwai ba ta wuce bakwai ba. In kuma ofishin jarrabawa ya rubuto maka cewa matsakaicin kwas ɗinku, a misali, zango biyar ne ko shida, to kana da sauran fili.

Waɗannan ƙa'idojin sun ƙara da cewa ko ɗalibi ya wuce iyakar, ba a rufe ƙofa nan take. Ana sanar da shi a rubuce, a nemi jami'a ta faɗi yadda karatun ke tafiya, saura tsawon wane lokaci, da kuma ko akwai alamar zai gama. Iyakar da aka sa wa zaman karatu gaba ɗaya ita ce shekara goma. Don haka takarda mafi daraja da za ka nema a makon nan ba ta lauya ba ce, ta jami'a ce. Je ofishin jarrabawa ko wajen malamin da ke kula da kwas ɗinku, zuwa da kai ya fi aike. Ka roƙi a rubuta lambobi, ba yabo ba. Takardar da ta ce ɗalibi ne mai ƙwazo ba ta motsa kowa. Wadda ta ce ya samu maki 84 cikin 120, saura darasi kaza da kundin bincike mai maki kaza, malami ya karɓi kula da kundin, ana sa ran ya gama a wata kaza, ita ce ke sa jami'i ya ajiye biro ya sake tunani.

Na uku shi ne rashin sauraro, wanda na san shi ya fi yi maka ciwo, amma da gangan na sa shi a baya. Sashe na 28 na VwVfG ya ce kafin a yanke hukuncin da zai taɓa haƙƙin mutum, a ba shi dama ya yi magana a kan abubuwan da za a dogara da su. A aikace wasiƙa ce ke zuwa mai taken Anhörung, tana cewa muna da niyyar ƙin buƙatarka saboda kaza, kana da zuwa rana kaza ka ce wani abu. Akwai tsohuwar muhawara tsakanin masana kan ko ƙin ba da abin da aka nema kawai yana buƙatar wannan sauraron, kuma ofis na iya fakewa da ita. Amsarka ita ce hukuncin naka bai tsaya a ƙi ba. Ya yanke halaccin zaman da kake da shi tun ranar da ka shigar da buƙata a kan lokaci, ya sa maka wa'adin fita, kuma kusan tabbas yana ɗauke da barazanar fitar da kai da ƙarfi. Wannan taɓa haƙƙi ne ƙarara. Ka kuma nuna cewa wasiƙar neman takarda ba sauraro ba ce, domin ba ta gaya maka ana shirin ƙi ba, ba ta ambaci zango takwas ba. Amma fa sake duba akwatinka da tsofaffin wasiƙu tukuna. In ka sauya gida ba ka sabunta adireshi ba, ko sunanka ba ya jikin akwatin, mai yiwuwa an aiko ta koma. Fayil zai nuna.

Ga yadda wannan sakin layin zai kasance, da Hausa, kafin a mayar da shi Jamusanci:

"Ba a ba ni damar yin magana ba kafin a yanke hukuncin. Wasiƙar da ta nemi takardar ci gaban karatu ba ta ambaci niyyar ƙin buƙatata ba, ba ta kuma ambaci yawan zango ba. Da an saurare ni, da na nuna cewa ɗaya daga cikin zango takwas da aka ƙirga hutun jinya ne da jami'a ta amince da shi (hujja ta 3), cewa ina zango na bakwai na kwas (hujja ta 4), kuma takardar da aka nema ta isa ranar 12 ga Maris (hujja ta 1). Waɗannan su ne dalilai biyun da hukuncin ya dogara da su, saboda haka ba za a ce rashin sauraron bai shafi sakamakon ba."

Ka ga jimlar ƙarshe? Ita ce ke toshe ƙofar sashe na 46 tun kafin su nufe ta. Ka ga kuma babu zagi, babu zargin wariya, babu labarin wahalar da iyaye suka sha kafin su turo ka. Wanda zai fara karanta takardar shi ne ofishin da ya yanke hukuncin, wataƙila ma jami'in da ya sa hannu, kuma doka ta ba shi ikon gyara hukuncinsa da kansa in ya ga ƙorafin na da tushe. Kana so ka sauƙaƙa masa ya ce sababbin takardu sun shigo, ba ka tura shi bango ya fara kare kansa ba. Shafi biyu zuwa uku sun isa. A sama ka faɗi abin da kake nema a fili: a soke hukuncin, a sabunta izinin, a kuma dakatar da aiwatar da shi har a gama duba ƙorafin. Sai tarihin abin da ya faru da ranaku, gajere. Sai kurakuran. Sai jerin hujjoji masu lamba, kwafi kawai, asali ya zauna a hannunka.

Wani abu da bai zo a hukuncin ba amma ina ba ka shawara ka haɗa: shaidar abin da kake ci da shi da ta inshorar lafiya, sababbi. In suka janye dalilan farko za su sake duba duk sharuɗɗan, kuma ba ka so a ce an gyara wancan ga wani ya ɓullo. A 2025 ma'aunin kuɗin ɗalibi yuro 992 ne a wata, wato 11,904 a shekara. Adadin yana canzawa, ka duba na lokacin da kake rubutawa.

Saura abu mafi haɗari, wanda takardar nan komai kyanta ba za ta magance shi ba. A yawancin al'amuran mulki a Jamus, shigar da ƙorafi yana dakatar da hukunci. A ƙin izinin zama ba haka ba ne, sashe na 84 na dokar zaman baƙi ya cire wannan kariyar. Ma'ana kwana talatin ɗinka na ci gaba da tafiya ko ka shigar da ƙorafi, kuma a lissafinka za su ƙare kusan rana ɗaya da wa'adin ƙorafin. Roƙon dakatarwa da ka sa a takardarka suna iya amsawa, suna iya yin shiru. Shi ya sa za ka ba su rana, ka ce ina jiran amsa a rubuce zuwa rana kaza, ka sa ta da sauran aƙalla kwana goma kafin wa'adin fita. In ranar ta zo babu amsa, sai kotun harkokin mulki, Verwaltungsgericht, da buƙatar gaggawa ƙarƙashin § 80 Abs. 5 VwGO, wato dokar tsarin shari'a a wannan kotu. Buƙata ce da ke neman alƙali ya dakatar da hukuncin har a gama shari'a. Wannan ƙofar a buɗe take gare ka saboda ka nemi sabuntawa kafin tsohon izinin ya ƙare, don haka ka adana shaidar ranar da ka nema da takardar wucin gadin da suka ba ka, Fiktionsbescheinigung. Alƙalin gaggawa zai duba ne ko akwai alamar za ka yi nasara a asalin maganar, wato ko za ka gama karatun, abin da ya sake mayar da mu ga takardar jami'a.

A matakin farko na wannan kotu doka ba ta tilasta maka ɗaukar lauya ba, kana iya zuwa da kanka a rubuta maka buƙatar a ofishin karɓar ƙara. Amma ni a ganina, ƙorafin layi uku ka yi da kanka yau, buƙatar gaggawa kuwa ka nemi lauyan da ya ƙware a dokar baƙi. In aljihu ba nauyi, je ƙaramar kotun garinku, Amtsgericht, ka nemi takardar tallafin shawara, Beratungshilfeschein, da ita abin da lauya zai karɓa a hannunka don shawara bai wuce yuro 15 ba. Ƙungiyar ɗalibai ta jami'a da ofishin ɗaliban ƙasashen waje su ma a wurare da yawa suna da ranar ba da shawarar shari'a kyauta. In Jamusancin hukuncin ya yi maka nauyi, sashe na 77 na dokar zaman baƙi ya ba ka damar neman a fassara maka ainihin abin da aka yanke da bayanin hanyar ƙalubalanta, kyauta, amma neman fassarar ba ya tsayar da wa'adi.

Game da aikin da kake yi na gefe, sashe na 84 ɗin nan dai ya ce ta fuskar aiki ana ɗaukar izininka na nan har wa'adin ƙorafi ya ƙare, da kuma lokacin da buƙatar gaggawa ke gaban kotu. In ka shigar da ƙorafi kawai ka bar wata ya cika ba tare da an dakatar da hukuncin ko ka je kotu ba, wannan rumfar ta yaye. Kuma duk abin da ya taso a gida, biki ne ko Sallah, kada ka fita daga Jamus a wannan tsakanin ba tare da lauyanka ya duba takardunka ba, domin takardar wucin gadin da ke hannunka ta daina aiki tun ranar da ambulan ɗin ya shiga akwatinka, kuma ba za ta dawo da kai ta filin jirgi ba.